Hannun Yaya a Kan Hannuna

Ranar da Baba ya rasu, Yaya ne mutum na ƙarshe da ya sani a gidanmu, alhali ɗakinsa bai fi taku goma da ɗakin da gawar take ba. Baba ya cika bayan asuba. Kafin hantsi an cika gidan, mata na ciki, maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an aika Mabera da Runjin Sambo an sanar da dangi, ni kuma ina can wajen neman likkafani da masu haƙa. Duk wanda ya wuce ta ƙofar Yaya sai ya ɗauka wani ya riga ya faɗa masa. Da ya ga shayinsa bai zo ba, sai ya tashi ya bi bango kamar yadda ya saba, ya nufi zaure. A bakin zauren ƙafarsa ta ci karo da takalma. Ya sunkuya ya shafa, ya ji ba biyu ba ne, ba biyar ba, tuli ne, kuma ba na mutanen gida ba. Ya san babu biki, ya san Baba ya kwana uku ba ya tashi. Da na dawo na same shi tsugune a wurin da takalmin wani a hannunsa. Na taɓa kafaɗarsa, na sa hannuna ƙarƙashin nasa, kafin in yi wani motsi sai shi ya shafa haɓarsa, alamar gemu, wadda ita ce sunan Baba a wurinmu, ya juya tafin hannu sama yana tambaya.

Shekara shida ke nan, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba. Amma bari in koma baya, don wanda bai san mu ba ya gane yadda aka zo nan.

An haifi Yaya kurma. Shekara shida ya ba ni, don haka ni na buɗe ido na tarar da maganar hannu a gidanmu kamar yadda na tarar da Hausa. Inna takan ce bai yi tafiya da wuri ba, sai da ya kusa shekara biyu, kuma ko da ya fara yakan yi tangaɗi kamar ɗan maraƙi. Ba wanda ya haɗa wannan da kunne, balle ido. Ya yi makarantar kurame, ya iya karatu da rubutun boko daidai gwargwado, ya dawo da wata maganar hannun ta makaranta wadda ta bambanta da tamu ta gida. Ta makaranta tana da haruffan yatsu, asalinta daga Amurka ne, ta shigo Najeriya ta hannun wani malami kurma, Andrew Foster, wajen 1960. Tamu kuwa ita ce wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa tun kaka da kakanni. Yaya cakuɗa su yake yi, mu ma haka muka koya. Daga baya Kawu ya ɗauke shi aikin dukanci, ya ƙware a ɗinkin alabe da kube da titimi.

Tun yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka lura da magariba ta yi sai ya daina wasa ya zo ya manne da bango. In aka aike shi da dare sai ya ƙi, a ce ƙiwuya. Inna ce ta fara cewa, “Wanga yaro dundumi ad da shi.” Aka yi ta ba shi gasasshiyar hanta, kuma ba shirme ba ne, domin dundumin da rashin sinadarin abinci ke kawowa hanta na maganinsa. Nasa bai tafi ba. Da ya haura ashirin sai abin ya shigo rana. Zai zura zare a kafar allura ba kuskure, amma ya tashi ya yi karo da akuyar da ke kwance a gefensa. Ka miƙa masa hannu ku gaisa ya bar ka da hannu a sama. Na sha jin mutanen unguwa suna cewa, “Shina gani sarai, wulaƙanci na.” Wasu abokansa kurame sun yi fushi da shi a kan haka, don a wurinsu ka ɗaga wa mutum hannu ya share ka daidai yake da ka yi sallama a ƙi amsawa.

Likitan idon da ya fara gane abin bai yi dogon bayani ba. Ya naɗe takarda kamar bututu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa da ɗayan, in zagaya ɗakin. Ina iya karanta ƙaramin rubutun da ke kan kalanda, amma ban yi taku huɗu ba na buge kujera. Ya ce to haka yayanka yake gani, kuma bututun ƙara tsukewa yake yi. Ya ce ciwon sunansa Usher, gado ne. Abu ɗaya ne ya taɓa can cikin kunne tun haihuwa, ya taɓa ma’aunin da ke hana mutum tangaɗi, wanda shi ma a cikin kunne yake, sannan yake cinye shimfiɗar da ke bayan ido a hankali, yana farawa daga gefe yana nufo tsakiya. Shi ya sa ganin dare ke fara tafiya. Yadda ake gadonsa kuwa tamkar sikila ne: uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu na ɗauke da ƙwayar, kowane ciki kuma yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon. Inna da Baba ’ya’yan wa da ƙane ne. Mu bakwai ne, Yaya kaɗai ya fito da shi. Likitan ya ce babu maganin da ke tsayar da shi, sai dai idan yanar ido ta taso, wadda takan zo wa masu irin ciwon da wuri, ita ana iya cire ta. An cire wa Yaya ta ido ɗaya, ya samu ɗan sauƙi na wasu shekaru.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne rashin ji da rashin gani in suka haɗu ba lalura biyu ba ce a jere, wata aba ce ta uku. Makaho da kunne yake gani: yana jin takunka, yana jin kiran salla, yana jin kabu-kabu na tahowa. Kurma da ido yake ji. Duk dabarar da muka sani ta taimakon makaho a kan kunne ta dogara, duk ta taimakon kurma kuma a kan ido. Yaya ya faɗa tsakani. Ya je wajen makafi, hira suke da baki. Ya koma majalisar kurame, hannuwa na ta tashi ta ko’ina, shi kuma mutum ɗaya kawai yake iya kallo, kafin ya gano wa ke magana an wuce wurin. Sai ya daina fita. Kuma ba lallai sai mutum ya rasa duka ɗungurungum ba. Yawancin masu wannan lalura suna da ɗan saura a ido ko a kunne. Yaya har yau yana bambance haske da duhu, yana sanin inda taga take.

Ba rana ɗaya muka koma magana ta taɓi ba. Da farko nisa ne ya yi mana aiki. Na gano in na matso kusa, hannuwana fita suke yi daga cikin bututun nan, amma in na ja baya kamar taku huɗu, na ƙanƙance alamomin na riƙe su kusa da fuskata, yana kamawa. Sai in sa shi ya ba hasken baya, ni hasken ya faɗo mini, kuma in sa farar riga marar ado don baƙin hannuna ya fito a kanta. Da wannan ya gaza, sai shi da kansa ya fara kama wuyan hannuna yana riƙewa a daidai inda idonsa ke gani. Mun shekara biyu a haka. Wata rana da dare aka ɗauke wuta muna tsakiyar magana a kan kuɗin fata, na ci gaba da motsa hannu ba tare da tunani ba, shi kuma bai saki ba. Sai na ga ya ba ni amsa daidai. Ashe ya daɗe da daina kallon hannun, bin sa yake yi da tafinsa.

Yadda muke yi yanzu ke nan. Mu zauna muna fuskantar juna, gwiwa na taɓa gwiwa. Ya ɗora hannunsa na hagu a bayan hannuna na dama, sako-sako, kamar tsuntsu ya sauka a reshe, ni kuma in yi maganar hannu yadda aka saba. Yatsunsa ne ke karanta siffar hannuna, da inda ya nufa, da saurinsa. In zai amsa sai ya ɗauke hannu ya yi nasa alamomin, ni ina gani. Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi, har da ni, shi ne ya cafke hannun mutum ya dinga murɗa masa yatsu yana tilasta su yin alamar. Wannan ba magana ba ce, kamar ka kama leɓen mutum ne kana motsa masa. Hannunka ƙasa, nasa sama, shi ke da ikon ɗaukewa in ya gaji ko ya ƙoshi da zancenka. Kuma ana gajiya. Bayan minti ashirin kafaɗa takan yi tsami, shi ya sa muke dafa gwiwar hannu a cinya, mu huta, mu ci gaba.

Wahalar da ba mu zata ba ita ce ta fuska. Rabin maganar kurame a fuska take. Ɗaga gira ne ke mayar da zance tambaya, girgiza kai ke kore shi, murmushi ke nuna wasa ake yi. Duk wannan ya ɓace masa. Na taɓa tambayarsa ko ya biya mai jima, shi kuma ya ɗauka cewa na yi na biya, aka yi wata guda kowa na zaton ɗan’uwansa ya sauke bashin, har mutumin ya zo gida da faɗa. Daga nan muka tsayar da doka: duk tambaya sai na rufe ta da zana alamar tambaya a tafinsa. Haka kuma in shi ke magana, ba ya ganin ina gyaɗa kai, sai ya tsaya cak yana zaton na tafi. Don haka hannuna ɗaya na kan gwiwarsa koyaushe. Bugu biyu a hankali na nufin i, ina tare da kai. Shafa gefe da gefe na nufin a’a. In dariya ta kama ni sai in kaɗa yatsu a kan gwiwar da sauri, ko in ɗora hannunsa a ƙirjina ya ji tana girgiza ni. Daga baya na samu labarin cewa masu irin lalurarsa a birnin Seattle na Amurka sun gina salon magana sukutum a kan wannan tun wajen 2007, suna amfani da cinya da kafaɗa da ƙirji a matsayin allo. Mu larura ce ta koya mana ɗan abin da muka iya. Abu ɗaya da muka ara daga waje shi ne babban gicciye da ake zanawa a bayan mutum, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ma’ana akwai haɗari, tashi mu tafi, bayani sai daga baya. Sau ɗaya aka yi amfani da shi, ranar da wayar wuta ta kama a ɗakin da ke jikin nasa.

Wanda bai iya maganar hannu ba, rubutun tafi muke koya masa, kuma cikin minti biyar ake iyawa. Manyan baƙaƙen boko ake yi da ɗan yatsa, kowane harafi ya cika tafin, a rubuta na gaba a kan inda aka rubuta na baya, ba a jere ba. In kalma ta ƙare a ɗan dafa tafin. In an yi kuskure a goge kamar ana share allo, a sake kalmar daga farko. Ba ma wahalar da kanmu da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, zancen ne ke nuna wadda ake nufi. Yana da jinkiri ƙwarai, ba a hira da shi, amma yana isa mai shago ya ce masa babu, ko ya faɗi kuɗi. Lambobi ne ke da haɗari. A tafi, 1 da 7 kusan ɗaya suke, haka 6 da 0. Wani mai sayen alabe ya taɓa rubuta masa 1500 ya karanta 7500, aka kusa rabuwa baram-baram. Yanzu duk lamba sai ya maimaita ta da yatsunsa an buga masa i, musamman in maganar ƙwayar magani ce. Kuɗin kansu kuma, tunda takardun ɗari zuwa dubu girmansu ɗaya, matarsa ke ninke masa su: dubu a miƙe, ɗari biyar ninki ɗaya, ɗari biyu ninki biyu. Na leda yana gane su da kansa.

Mutane kan tambaye ni me ya sa bai koyi rubutun makafi ba. Ya gwada. Ɗigo shida ne a kowane gida, ya haddace su cikin mako biyu, amma yatsun da suka shekara ashirin suna tura basilla sun yi kanta, ba sa rarrabe ɗigon sosai, kuma babu littattafan da za su sa ya dage. Akwai kuma wata hanya da ake kira Tadoma, inda mutum ke ɗora babban yatsa a leɓen mai magana, sauran yatsun a muƙamuƙi da maƙogwaro, ya karanta maganar daga motsi da rawar murya. Wannan ba ta Yaya ba ce, bai taɓa jin magana ba balle ya gane ta a leɓe. Kowa da hanyar da ta dace da tarihinsa. Akwai wani dattijo almajiri a bayan layinmu da tsufa ya tafi da idonsa da kunnensa. Shi bakinsa garau, karatu ma yake yi, ba ya buƙatar maganar hannu ko kaɗan. Abin da ya rasa shi ne hanyar da amsa za ta dawo masa. Na nuna wa jikansa rubutun tafi, suka mayar da shi ajami tunda shi malam ya sani, ranar ya yi ta tambayar wa ya rasu, wa ya haihu, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Yaron da aka haifa da lalurar kuwa, ko sanƙarau ya bar shi da ita tun yana jariri, da kaya ake fara masa: a sa masa cokali a hannu kafin abinci, soso kafin wanka, takalmi kafin fita, kullum iri ɗaya, har ya gane cewa abu na iya zama sunan wani abu.

A ƙasar nan tamu taɓi ba ƙaramin abu ba ne. Namiji ba ya riƙe hannun matar da ba muharramarsa ba, surukai ma kunya ta hana. Wannan ya rage wa Yaya mutanen da zai yi magana da su kai tsaye. Matarsa, wadda ita ma kurma ce amma idonta lafiya, da Inna, da ƙannenmu mata, da ’ya’yansa, su ke nan ta ɓangaren mata. Matata sai ta bi ta wurina ko ta wurin yara. A asibiti in ma’aikaciyar mace ce, ni ne tsani. Abin da nake roƙon ma’aikata kullum shi ne su ba ni daƙiƙa goma in faɗa masa kafin su taɓa shi. Wata rana a wani asibiti wani ya zo ya soka masa allura ba sanarwa, Yaya ya fizge har allurar ta karce shi, mutumin ya ce ai ba a faɗa masa majinyacin na da taɓin hankali ba. Na ce masa, “Malam, kai ma rufe ido ka toshe kunne in zo in soke ka mu gani.”

Jagora ma sai da na koya, ko da yake a garin nan kowa na ganin ya san ɗan jagora. Ba a jan sa da sanda, ba a tura shi daga baya. Shi ke kama hannuna sama da gwiwar hannu, ina gabansa da rabin taku, jikina ne ke gaya masa hanya. In mun zo kwata ko matakala sai in tsaya cak, in ɗaga hannun ko in sauke shi, sannan in taka, ya ji na hau ko na sauka. In hanya ta matse, kamar cikin Tsohuwar Kasuwa, sai in mayar da hannuna bayana ya koma bin sawuna. Saboda ma’aunin nan na kunne da ba ya aiki, yashi da ƙasa mai gargada sun fi ba shi wahala, a nan nakan rage sauri. Fitowa daga zaure zuwa ranar Sakkwato kuwa, ko komawa, sai mun tsaya minti biyu ko uku, don ɗan hasken da ya rage masa dushewa yake yi, shi ya sa ba ya rabuwa da baƙin tabarau da malafa. Sandarsa fara ce da muka naɗa wa jan ƙyalle, alamar mai ita ba ya ji kuma ba ya gani, sai dai ban taɓa haɗuwa da ɗan kabu-kabun da ya san ma’anarta ba. Oda suke ta danna masa. Dokar da ta fi kowace girma ita ce ba a barinsa a fili. In zan matsa ko na minti ɗaya ne, sai na ɗora hannunsa a kan bango ko benci ko bishiya, na faɗa masa inda zan je da minti nawa. Mutumin da aka bari tsaye ba ya taɓa komai bai san ko a tsakiyar titi yake ba.

A cikin gida ba ya buƙatar kowa, muddin an bar kaya inda suke. Akwai igiya daga ƙofarsa zuwa bayi, da ƙulli a daidai inda ake juyawa wajen randa. Butarsa na da wurinta. Ƙofa ko a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, wadda aka bari rabi ita ce ta fasa masa goshi har sau biyu. Yara sun san ba a barin turmi ko murhun garwashi a hanyar igiya. Kowa kuma na da sunansa na taɓi da yake fara gabatarwa: ni tabon da ke babban yatsana, matarsa awarwaronta, babbar ɗiyarsa ta ja masa ƙaramin yatsa. Ba na yarda da masu zuwa su kama hannunsa su ce wai ya canka ko wane ne. Aiki kuma bai bari ba. Yankan fata da zanen ado sun fi ƙarfinsa yanzu, yaron shago ke yanka ya huda, shi kuma ya yi ɗinki da tufkar rataya, kuma in ɗinkin wani ya karkace shi ke fara ganowa.

Salla ta zo mana da sauƙin da ban zata ba. A sahu kafaɗa na jikin kafaɗa, don haka ruku’u da sujada da zama duk yana jin su a jikin na kusa da shi. Lokaci ne matsala, tunda ba ya jin ladan. Matarsa ke taɓa shi ta yi masa alamar alwala, da azumi kuma dabino ake sa masa a tafi, shi ne kiran magaribarsa. In ba na gida nakan kira ƙaramar wayar da ke aljihun ƙirjinsa don ta yi rawa: kira ɗaya ina hanya, biyu na makara. Amma sallar gawa ba ta da ruku’u ba ta da sujada, kabbara huɗu ce a tsaye, babu abin da jiki zai ji. Ranar Baba ban yi tunanin wannan ba sai da muka tsaya a sahu. Na sa hannuna a damtsensa, liman na yin kabbara ina matsawa, har huɗu, da aka yi sallama na shafa hannun zuwa ƙasa. A maƙabarta ya ce in kai shi bakin kabarin. Na sa hannunsa a kan itacen da aka jera, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗebi ƙasa ya zuba.

Bayan kwana bakwai ya kira ni ɗakinsa. Ban taɓa ganin hannuwansa da zafi irin na ranar ba. Bai yi maganar takalman ba ma. Cewa ya yi shekara nawa ke nan ana ba shi tuwo, ana wanke masa kaya, ana kai shi bayan gida kamar ba shi da ƙafa, amma ba mai gaya masa komai. Bai san ƙanwarmu ta yi ɓari ba sai bayan wata uku. Bai san an sayar da gonar Kware ba. In baƙi suka zo, yana jin iskar wucewarsu da ƙamshin turarensu, ba wanda ke ce masa wane ne, su nawa ne, dariya ake ko faɗa. In ya tambaya sai a buga masa “ba komai”, ko a ce “anjima”, anjimar da ba ta zuwa. Ya ce shi ne babba a gidan nan yanzu, kuma a rabon gado ba zai yarda a kawo masa takarda a dangwala masa yatsa ba.

Ranar rabon gadon awa huɗu muka yi a kan abin da ba zai wuce awa ɗaya ba. Na zauna gwiwa da gwiwa da shi, duk wanda zai yi magana sai na fara ba shi sunansa, sannan abin da ya ce, sannan yadda fuskarsa take. Na roƙi malamin da ke rabon ya hana mutane haɗa baki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar murya biyu. Kawu ya gaji har ya ce, “Kai ɗana, ka taƙaita mishi mana, daga baya ka yi mai bayani.” Na ce, “Kawu, a yi haƙuri, daga bayan nan ce ta kawo mu nan.” Na zana masa fasalin gidan a bayansa, ga zaure, ga rijiya, ga inda iyaka za ta bi. Shi ne ya tsayar da mu ya ce in aka bi ta nan, ɗakin Inna ba shi da hanyar fita sai ta rabon wani. Aka duba, haka ne. Shekara da shekaru yana bin bangon nan da hannu, ya fi mu sanin gidan.

Tun daga lokacin, kullum bayan isha’i nakan shiga wurinsa na rabin awa in ba shi labarin duniya: farashin gero, wanda ya yi aure, abin da rediyo ta ce, faɗan da aka yi a layi, har da tsegumin da ba shi da amfani, don na lura shi ya fi so. Ran da na yi tafiya babbar ɗiyarsa ke karɓa, shekararta goma sha uku, hannunta ya fi nawa sauri, sai dai ta cika tace labari, tana ɓoye masa marasa daɗi, shi kuma yana kama ta, wai hannunta nauyi yake yi in tana ɓoye abu. Su yaran duka uku suna ji suna gani, likita ya ce ɗauke da ƙwayar kawai suke. Amma a majalisar kurame da nake kai shi ran Juma’a da yamma, inda yanzu abokansa ke zama gabansa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, na ga wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da magariba na yi ya lalubi bango ya manne. Na bi shi har gida na samu mahaifinsa, na naɗe takarda na ba shi ya leƙa. Ya ce zai kai shi a duba idon bayan salla. Sallar ta wuce da wata biyu, jibi zan sake komawa.